Wuƙa Ba Ta Cin Ɗan Gidanmu

A Garwa aka haife ni, a unguwar Hausawa, zamanin da Jamus ke zaune a bariki bisa tudu. Gidanmu yana bayan mayanka, inda ƙasa ke gangarawa zuwa Binuwai. Baba mahauci ne, amma ba nama ya ɗaukaka sunansa ba, maganin ƙarfe ne. Ran wasan mahauta yakan tuɓe riga a tsakiyar fage, ya yi ta goga wuƙa a cikinsa da wuyansa, kalangu na tashi, mata na guɗa, ko ɗigon jini babu. Samari har daga Ngaundare sukan zo ya jiƙa musu su sha. Sharaɗin maganin guda ne: wanda ya sha kada ya kusanci matar wani. In wuƙa ta ci mutum bayan ya sha, to an san abin da ya aikata, ba sai an tambaye shi ba.

Ni ce mai kai abinci kasuwa in an tashe mu daga makarantar allo da hantsi. Ba ni da surutu. Malaminmu yakan ce sai ya kawo kunnensa bakina kafin ya san ko karatu nake ko kuka. Saboda ba na iya kallon fuskar manya, hannuwansu nake kallo, shi ya sa na san babu mahauci ɗaya a kasuwar nan da ba shi da tabo. Na Baba ma akwai. Amma kowa ka tambaya sai ya ce ƙashi ne ya karce shi. Ƙashi ba ƙarfe ba ne, don haka ba abin kunya.

Yayana shi ne namiji tilo a ɗakin Inna. Fari ne kamar ita, don ita Bafillatana ce. Shi ke yi wa Baba fiɗa, kuma Baba ya shayar da shi maganin fiye da kowa. Yakan ce mini "Malama" don tsokana, ya ce in rubuta masa laya ta hana ƙuda bin nama.

Bazara ce, irin ta Garwa, wadda ko kadangare ba ya ratsa fili da rana. Na iso mayanka da akushi a kai, Yaya yana durƙushe kan wani bijimi, yana ƙoƙarin farke tumbi. Ya tallafe da hagu, ya tura wuƙa da dama. Tumbin ya cika ya yi tauri. Sai kawai wuƙar ta zarce, ta shige tafin hannunsa na hagu, gindin babban yatsa. Abin cikin tumbi ya kwararo kan hannun, kore, da ɗumi. Da ya ɗago hannun, wuƙar na tsaye a ciki.

Mahauta suka juyo suna kallo. Can sai wani tsohon mahauci mai ido ɗaya, wanda bai taɓa shiri da Baba ba, ya ce, "A'a, ɗan mai magani! Wannan ƙashin naka har da mariƙi?"

Aka fashe da dariya.

"Matar wa ce, yaro?" in ji wani. "Faɗa mana mu ƙara wa zana tsawo."

"Ni dai tawa ta tsufa, ba ruwana."

"Kai ma ka sani? Mai yunwa ba ya zaɓen ƙanzo!"

Baba ya taho yana ratsa su. Bai dubi fuskar Yaya ba. Ya zare wuƙar, ya je murhun mai tsire ya ɗebo toka, ya cusa a ramin da yatsa har jinin ya tsaya. Bai wanke ba, ga tulu kuwa a gefe. Ya yanko igiyar fata ya ɗaure tamau.

"Koma ka ƙarasa fiɗarka," ya ce.

Yaya ya koma. Har yamma yana aiki da hannun nan cikin hanji da jini, don mutane su ga ba komai ba ne.

Washegari ma ya fita, da ranar da ta biyo. Na lura ya daina riƙe nama da hagu, sai ya danne da gwiwar hannu. In ya zauna yakan ɗaga hannun sama ya jingina da bango, don in ya sauke shi zogi yake yi kamar ana buga ganga a ciki. Yatsunsa sun kumbura suna sheƙi, igiyar fatar ta nutse cikin nama. Inna ta gani. Da Baba ya shigo cin abinci ta durƙusa nesa kaɗan ta ce, "Malam, hannun yaron nan ya tara ruwa. A kira wanzami ya tsaga, mugunyar ta fita."

"Da me zai tsaga?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Na ce da me zai tsaga? Da kara?"

"Da aska, Malam."

"Wato in kira wanzami, mai bakin da ya fi na kasuwa, ya sa ƙarfe a jikin ɗana a cikin gidana, ya ga ya shiga kamar a kabewa, gobe ya je yana aske kan mutane yana ba su labari. Haka kike so?"

"Ni dai hannun nake gani."

"Hannun nasa ne. Shi ya san inda ya kai shi."

A nan maganar ta tsaya. Inna ta dafa ganye ta riƙa gasa masa daga sama, amma ba ta isa ta kwance ɗaurin da Baba ya yi ba.

Ranar da abin ya juya, na dawo daga makaranta na tarar da Yaya a gida. Ban taɓa ganinsa a gida da hantsi ba. Yana kwance a inuwar zana ya ƙudundune cikin bargo, haƙoransa na haɗuwa kaf-kaf-kaf, alhali ni ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa. Inna ta ce masassara ce, ta sauro, kowa na yi. Ni ma na sha yin ta. Amma da na tsuguna zan ba shi kunu, bargon ya zame, na ga cikin damtsensa. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannu, ya bi ta cikin gwiwar hannu ya nufi hammata, kamar an ja da alƙalamin kara. Da baƙi ne shi da ban gani ba. Na taɓa, da zafi. A hammatar kuma kaluluwa ta fito kamar ƙwan zabo.

"Malama, kada ki faɗa wa tsoho," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. Bai iya kai maganar ƙarshe da numfashi ɗaya ba. Yana haki kamar kaza a rana, shi da bai yi gudu ba. A gefen wuyansa wata jijiya na bugawa da sauri, na yi ƙoƙarin bin ta da karatun da nake haddacewa, ta tsere mini.

Na faɗa wa Inna. Ta zo ta duba, ta kama baki. Da Baba ya dawo ta sake durƙusawa. Wannan karon bai bar ta ta gama ba. Ya ce maƙwabta suna leƙe ta zana, a mai da yaron ɗakin kiraga. Ɗaki ne a ƙuryar gida inda ake tara fatun shanu kafin a kai wa 'yan jirgi, ba taga, sai wari da zafi. Can aka shimfiɗa masa tabarma. Aka ba ni aikin kai masa ruwa da buta.

Butar ce ta fara ba ni tsoro. Na cika ta da safe na ajiye bakin ƙofa. Da azahar tana nan cike. Da la'asar ma haka, har ƙura ta kwanta a kan ruwan. Bai fita zagayawa ba. Na ba shi kasko, ya daɗe, abin da ya fito bai fi cikin ludayi ba, ja kamar jiƙon kanwa. Ga shi kuwa yana shan ruwa, ko da yake rabi yana dawowa.

Kashegari da safe ya kira ni Inna. Na ce ni ce. Ya ce to in gaya wa mai jar riga cinyar nan an riga an saya. Babu kowa a ɗakin sai fatu. Ya ɗaga hannu zai yi kabbara a kwance, ya fara Fatiha, ya tsaya a tsakiya yana kallona, kamar ni zan ba shi abin da ya biyo. Yaya da ya sauke Alƙur'ani kafin in shiga makaranta.

Baba ya shigo kafin ya tafi kasuwa, da dorina a hannu. Na matsa bayan fatun. Ya tsaya kan Yaya.

"Kai. Ka ji ni?"

"Eh."

"Maganina bai taɓa ƙarya ba. Tun kakana. Kai ka karya shi ko ba kai ba?"

"Eh."

"Ka taɓa matar mutane."

"Eh."

Baba ya ja numfashi, kamar wanda aka sauke wa kaya. Sa'an nan ya zuba masa dorinar a ƙafafu. Ban ƙirga ba. Abin da na riƙe shi ne Yaya bai kare da hannu ba, bai yi ihu ba, sai dai ya riƙa juya kai yana neman inda abin ke fitowa. Inna na bakin ƙofa tana cewa, "Don Allah, Malam, don Annabi." Baba ya fita tsakar gida ya ɗaga murya yadda za a ji a bayan zana.

"Ya amsa! Da bakinsa ya amsa. To ya tuba ga Allah, sai ciwo ya sake shi."

Da ya shiga ɗakinsa ɗauko wuƙaƙe, na rarrafo kusa da Yaya. Na ce a hankali, "Yaya, kai ne Lamiɗo?"

"Eh."

"Kai akuya ne?"

"Eh," ya ce, idonsa na kan rufin ɗaki.

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na tari Baba a zaure, ina kallon takalmansa, na ce, "Baba, ba ya cikin hankalinsa. Na ce masa shi akuya ne, ya ce eh."

Marin ya jefa ni jikin bango. Ya ce, "Yayan naki kike kira akuya? Abin da ake koya muku ke nan a makaranta?" Ya gyara rawaninsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Inna in ya dawo ya tarar an fitar da yaron nan ko an shigo da wani, ta haɗa kayanta.

Rana ta ɗaga, sai zafin jikin Yaya ya sauka. Inna ta taɓa goshinsa ta ce alhamdu lillahi, gumi ya karyo, masassara ta tafi. Har ta aika a gaya wa Baba, shi kuma ya aiko da cewa ai ya faɗa. Ta tashi ta dama fura.

Ni na zauna ina kallonsa. Na san gumin da ke zuwa in masassara za ta tafi. Mutum yakan buɗe ido ya nemi abinci, numfashinsa ya kwanta. Wannan gumin sanyi gare shi, yana da danƙo. Hakin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Na taɓa ƙafafunsa, sanyi har gwiwa kamar randa, kuma fatar gwiwar ta yi dabbare-dabbare, wani wuri fari wani wuri shuɗi-shuɗi. Leɓɓansa sun yi launin toka. Na danna farcen hannunsa mai lafiya, ya yi fari, na saki, ya daɗe bai dawo ja ba. Na danna nawa, nan take ya dawo. Inna ta kawo furar ta ɗago kansa, sai idonsa ya juye ya sulale.

Ban tambayi kowa ba. Na fita ta ƙofar baya na gangara bakin kogi.

Kawu, ƙanen Inna, yana da kwalekwale. Shi ke yi wa mutanen bariki fiton kaya, kuma ya taɓa ba mu labarin likitan Jamus da ke tsaga ƙafafun soja in sun ruɓe. Na same shi yana toshe ɓarakar jirgi da tsumma. Lokacin kogi ya janye, sai yashi da ɗan ruwa a tsakiya.

"A'a, 'yar kurma! Yau wa ya aiko ki da baki?"

Na faɗa masa komai a jere: layin, butar, sanyin ƙafa. Bai bari na kai ga dorina ba ya jefar da tsumman.

A gida ya leƙa ɗakin kiraga, ya fito ya dubi Inna. Suka yi magana da Fillanci da sauri, ban kama duka ba, amma na ji ta ce an ce ta haɗa kayanta. Ya ce da Hausa, "Adda, kaya ana sake haɗawa." Ya cire ƙyauren ɗakin, na kara ne, ya kira wani ɗan fito abokinsa, suka ɗora Yaya a kai.

Babu hanyar bariki daga gidanmu sai ta gefen mayanka. Allah ya sa Baba ya tafi kasuwar kara duba shanu. Amma sauran suna nan. Mai ido ɗaya ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Har an gama? Ba a kira mu sallah ba?"

"Da ransa," in ji Kawu, bai tsaya ba.

"To ina za ku da shi? Wajen Nasara? A gaya wa Nasaran ya wasa wuƙarsa da kyau, wannan jikin ƙarfe ba ya cin sa!"

Dariya ta bi mu har muka fara hawan tudu. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Hannun Yaya ya zamo daga ƙyauren yana lilo, ni na tallafe shi, yana da nauyi kamar ba nasa ba.

A ƙofar bariki wani soja mai jar hula ya gitta bindiga. Ya ce Bature yana cin abinci, in ya gama zai kwanta, ba a tashinsa don mutanen gari. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san ni, ni ke ɗauko muku kaya." Sojan ya ce ya san shi, kuma wannan ma kaya ne, a ajiye shi can. Ya nuna gindin bango inda ba inuwa. Inna ta tsaya ta buɗe mayafinta bisa fuskar Yaya. Na jiƙa bakin zanena da ruwan gorar Kawu ina matsa masa a leɓe. Ƙudaje sun gano hannun. Inuwar bangon ta taso a hankali daga ƙafarsa har ta kai ƙirjinsa kafin wani mutum mai farar riga ya fito zubar da ruwa ya hangi Kawu. Shi ne mai taimakon likita, shi ne kuma tafinta. Ya zo ya duba, ya kama wuyan hannun Yaya, ya saki, ya koma ciki da gudu.

Aka shigar da mu wata rumfa mai warin magani mai hawa kai. Likitan dogo ne, fuskarsa ja, yana ɗaura maɓallin riga. Ya lalubi wuyan hannun Yaya ya daɗe, bai samu abin da yake nema ba, ya koma ga wuya. Ya ɗaga fatar idonsa. Ya sa aka tura akwati ƙarƙashin ƙafafun gadon, kan Yaya ya yi ƙasa. Sa'an nan ya datse igiyar fatar da almakashi. Warin da ya tashi ya fi na ɗakin kiraga. Tafin ya yi baƙi a gefen ramin, tokar Baba ta zama laka. Likitan ya kira wani farin saurayi ya zo ya gani, yana nuna masa layin da yatsa har hammata, suna magana a kan Yaya kamar masu cinikin bijimi.

Tafinta ya juyo. "Ya ce me ya yanke shi?"

Inna ta buɗe baki. Na ga leɓenta ya fara haɗa "ƙashi". Kawu ya ce, "Wuƙa. Yana farke tumbi."

"Wa ya cusa toka ya ɗaure?"

Kawu ya kau da kai, tafinta ya ci gaba.

"Yaushe rabonsa da fitsari? Yaushe ya fara sambatu?"

Suka dubi juna. Na faɗa, ina kallon ƙasa. Tafinta ya ce in ɗaga murya, na sake faɗa. Ya mayar wa likitan. Likitan ya yi wata magana gajera, ya tofar a gefe.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

"Ya ce da jakinku ne da kun kula tun ran da ya fara ɗingishi." Tafintan ya rage murya. "Ku ji, 'yan'uwa. Da ranar da ya yanke aka wanke ramin da dafaffen ruwa aka bar shi a buɗe, da wataƙila ba a zo nan ba. Da ran da ya kumbura aka tsaga, da hannun kawai ake jinya. Ko jiya ne, da an yanke hannun a ceci mutum. Yanzu dafin ya bar hannu, ya shiga jini, ya zaga ko'ina. In aka shaƙa masa maganin barci don a yanke, ba zai farka ba. Zai yi abin da zai iya."

Ya yi kuwa, ba zan hana shi wannan ba. Ya tsaga tafin, ya tsaga damtsen a tsaye wuri biyu, mugunya da baƙin jini suka fito. Yaya ko motsi bai yi ba, abin da ya sa Inna ta fara kuka ke nan. Aka wanke da maganin nan mai wari, aka cusa farin ƙyalle aka bar ramukan a buɗe. Aka yi masa allura a kafaɗa don zuciya. Aka kawo dafaffen ruwa mai ɗan gishiri cikin kwalba, aka rataye, aka zura doguwar allura ƙarƙashin fatar cinyarsa. Aka lulluɓe shi da bargo. Tafinta ya ba ni cokali ya ce in ya farfaɗo har ya iya haɗiya in riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, in bai farfaɗo ba kada in ɗura, zai shaƙe.

Sai da na tsufa wata jikata mai aikin asibiti ta warware mini abin da na gani a ranar. Ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta ramin, aka rufe su a ciki suka hayayyafa. Jiki ya tashi yaƙarsu, daidai ne. Amma wani lokaci yaƙin yakan wuce wurin ciwo ya game jiki duka, kamar wanda ya cinna wa zana wuta don kunama, iska ta kwashi wutar. Hanyoyin jini su saki, ruwan cikinsu ya riƙa tsiyayewa, jini ya kasa isa inda ake bukatarsa. Zuciya ta yi ta gudu don ta cike, numfashi ya bi ta. Ƙoda ta rasa jini, fitsari ya tsaya. Ƙwaƙwalwa ta rasa, mutum ya rikice. Daga ƙarshe jiki ya janye jini daga fata da ƙafafu, shi ne sanyin da Inna ta yi wa hamdala. Ta ce yanzu in an kawo irinsa da wuri, ba a jira: allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ƙarin ruwa ta jijiya, iskar numfashi, a buɗe inda mugunya take. Ta ce ko yau ɗin ma, jinkiri ke kashewa. A zamanin Yaya waccan allurar babu ita a duniya. Wanka da tsagawa da wuri su ne kaɗai, kuma su aka hana.

Na zauna da cokalina. Ruwan gishirin ya taru a cinyarsa ya yi tudu kamar an sa ƙwarya ƙarƙashin fata. Tafinta ya zo ya murza, ya tafi, ya dawo, tudun na nan yadda yake, jikin bai sha ba. Ya dubi likitan, likitan ya ɗaga kafaɗa ya tafi wanke hannu.

Numfashin Yaya ya canja. Ya yi sauri-sauri, ya tsaya, har in zaci shi ke nan, sai ya ja wani dogo. Kawu ya sunkuya kunnensa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ana kiran la'asar a gari, muna jiyowa sama-sama daga tudun, ya ja ɗaya bai sake ba. Cokalin na hannuna, ban ba shi ko sau ɗaya ba.

Muna fitowa da shi a kan ƙyauren muka tarar da Baba a ƙofar bariki. Sojan ya hana shi shiga. Baba ya matso ya ɗaga bargon daga gefen hagu. Bai buɗe fuskar ba. Ya daɗe yana kallon tsagar nan uku da ƙyallen da ke cikinsu. Sai ya warware rawaninsa, ya naɗe hannun tun daga yatsu har kafaɗa, ya ƙulle.

"Ta bakin kogi za ku bi," ya ce wa Kawu. "Ba ta kasuwa ba."

"Hanyar ta yi nisa, ga yashi."

"Na ce ta bakin kogi."

Ta can muka bi, ƙafafun masu ɗauka na nutsewa. Baba da kansa ya yi masa wanka, shi da liman kawai, bai bar kowa ya shiga ba. Kafin magariba an kai shi.

Bai kori Inna ba, don zaman makoki na bukatar mai dafa abinci. Zaure ya cika da mahauta, har da mai ido ɗaya, ya zo da carbi. Aka aike ni in kai musu ruwa. Ina durƙushe ina ajiye ƙwarya na ji Baba yana magana, muryarsa a kwance.

"Da safe ya amsa laifinsa, ya tuba. Kafin azahar zazzaɓi ya sake shi, uwarsa ce ma ta aiko mini. Ya fara samun sauƙi ke nan mata suka ɗauke shi a bayan idona suka kai wa Nasara ya feɗe shi."

"Ash-sha," aka ce. "Mata ke nan."

"Wa ma ya kira ɗan fiton?" wani ya tambaya.

Baba ya nuna ni da haɓa. Duk zauren ya juyo. Na ji idanunsu a bayan wuyana.

"Wannan? Ashe tana magana."

"Allah ya gafarta masa, ya rufa asirin wadda ta ja shi," in ji liman. Aka shafa.

Wani saurayi baƙo daga can ƙarshen tabarma ya matso, ya rage murya, ya ce shi daga nesa ya zo neman maganin ƙarfe, bai san an yi rasuwa ba, ko zai koma ne ya dawo wani lokaci.

"Zauna," Baba ya ce. "In an share makoki zan jiƙa maka. Ka dai ji sharaɗin." Ya juyo gare ni. "Ke, me kike jira? Ruwan nan bai isa ba."